Yadda Ake Tantance Fayilolin Wasa a Steam Bayan Saukewa Ta Katse

Wani dare ina sabunta wani wasa mai nauyin gigabait 60 a kwamfutata ta tebur. Sabuntawar gigabait 8 ce, kuma saukewar ta riga ta kammala, saura Steam ta gama ɗinke sababbin fayiloli cikin tsofaffi. Ina kallon layin nan yana tafiya sannu a hankali sai wuta ta ɗauke, allo ya yi baƙi ƙirin. Da na sake kunna kwamfutar, Steam ta ƙarasa abin da take yi, maɓallin `Play` ya fito kore kamar babu abin da ya faru. Wasan ya buɗe, kiɗan farko ya tashi, na shiga ajiyata. Amma duk lokacin da na doshi wata gada a cikin taswirar wasan, sai hoto ya daskare na daƙiƙa biyu, sauti ya maƙale a kan harafi ɗaya, wasan ya rufe kansa. Sau huɗu na gwada, sau huɗu ya mutu a bakin gadar nan.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne abin da ke zuwa wa kowa: in goge wasan in sake saukewa. Da layin intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa, wato megabait biyu da rabi, gigabait 60 zai ci wajen awa shida da minti arba'in, ban da datar da za ta ƙone. Abin da na yi a maimakon haka, wato sa Steam ta tantance fayilolin wasan, bai kai minti goma sha biyar ba. Shi ne nake so in koya maka a nan, tare da abin da ya fi danna maɓallin muhimmanci, wato karanta sakamakon da ya fito. Zan yi bayanin ne a kan Steam da Windows, domin su na fi sani.

Me ke lalacewa, kuma ta yaya ake gane shi

Mutane kan ce "intanet ta katse, fayil ya lalace". A gaskiya katsewar intanet kaɗai ba kasafai take lalata komai ba. Steam ba ta sauke wasa a matsayin dunƙule guda. Tana yayyanka kowane fayil zuwa gutsattsari, kowanne kimanin megabait ɗaya, kuma kowane gutsure yana da nasa tambari, wata doguwar lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa ta hanyar da ake kira SHA-1. Idan ko harafi ɗaya ya canza a cikin gutsuren, tambarin zai fito daban gaba ɗaya. Akwai kuma takardar lissafi da ake kira `manifest`, wadda ke ɗauke da sunan kowane fayil, girmansa, da tambarin gutsattsarinsa. Saboda haka idan layi ya yanke ana tsakiyar sauke gutsure, Steam za ta ga bai cika ba, ta watsar, ta sake nemo shi in layi ya dawo.

Inda ɓarnar take aukuwa shi ne wajen rubutawa a kan diski. Windows ba ya rubuta komai nan take. Yakan riƙe bayanai na ɗan lokaci a cikin RAM kafin ya sauke su kan diski, kuma manhaja tana iya ɗauka an rubuta alhali ba a rubuta ba tukuna. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, ko batirin laftof ya mutu, ko ka kashe Steam da ƙarfi daga `Task Manager`, ko igiyar diskin waje ta motsa, abin da ke cikin RAM ya tafi ke nan. Sai a wayi gari Steam ta rubuta a littafinta cewa fayil kaza ya kammala, shi kuwa fayil ɗin yana da rami a tsakiyarsa.

Ramin nan ba ya nunawa a ido. Steam takan keɓe wurin fayil a kan diski tun kafin ta cika shi, don haka fayil mai gigabait huɗu zai nuna gigabait huɗu cif ko da wani yanki na cikinsa sifili ne zalla. Shi ya sa duba girman folda ba ya gaya maka komai. Shi ya sa kuma wasana yake buɗewa lafiya ya mutu a bakin gada: ba ya taɓa lalataccen yankin sai ya zo karanta kayan wannan wurin.

Wannan ce babbar alamar lalataccen fayil, wato ciwon yana da wurin zama. Wasa ya mutu a wuri ɗaya, ko a hoton bidiyo ɗaya, ko ka ga bango ya zama baƙi ko shunayya a ɗaki guda, ko muryar mutum ɗaya ta ɓace, ko allon jira ya tsaya a kaso ɗaya kullum. Idan kuwa wasan yana mutuwa yau a nan gobe a can, ko bayan awa ɗaya da fara wasa ko'ina kake, ka fi kusa da matsalar zafi ko direban katin hoto. Tantancewa ba za ta cutar ba, amma kada ka sa rai da yawa a kanta.

Kafin ka danna komai

Fara da sake kunna kwamfutar, ka zaɓi `Restart`, ba `Shut down` ba. A Windows 10 da 11 kashewar da aka saba tana iya adana wani ɓangare na halin da tsarin yake ciki don ya tashi da sauri, shi kuwa `Restart` yana farawa daga tushe. Amfanin wannan shi ne ya saki duk fayil ɗin da wata manhaja ta riƙe. Fayil ɗin da ke hannun wani, Steam ba za ta iya gyara shi ba, sai ta jefo maka `Content file locked`.

Sannan ka duba sararin da ya rage a diskin da wasan yake. Wannan mataki mutane na tsallake shi, su dawo suna mamaki. Wasanni na zamani suna tattara kayansu cikin manyan fayiloli, wani gigabait biyar, wani ashirin. Idan gutsure ɗaya ya lalace a cikin irin wannan fayil, abin da za a sauke kaɗan ne, amma Steam tana iya buƙatar sake gina fayil ɗin duka a gefe kafin ta maye gurbin tsohon. Shiga foldar wasan, ka jera fayilolin bisa girma, ka ga wanda ya fi kowanne. Ka tabbata sararin da ke diskin ya fi shi, da ɗan rara a kai. In diskin ya cika maƙil, gyaran ma zai katse a tsakiya, ka koma gidan jiya.

Abu na uku ya shafi wanda ya sa wa wasansa mod ko ya gyara wani fayil da hannu. Tantancewa ba ta san abin da ka canza da gangan ba. Duk fayil ɗin da ke cikin takardar lissafi amma tambarinsa ya bambanta, a wurinta lalatacce ne, za ta mayar da shi yadda kamfani ya fitar. Idan ka sa fassarar da masoya wasan suka yi, ko ka musanya wani hoto, ka kwafe waɗannan fayilolin zuwa wani wuri tukuna. Ana shiga foldar wasan ta `Properties`, sai `Installed Files`, sai `Browse`. In ba ka canza mata wuri ba, tana ƙarƙashin:

```
C:\Program Files (x86)\Steam\steamapps\common
```

Game da ajiyar ci gaban wasanka, hankalinka ya kwanta. Yawancin wasanni suna ajiye ta a `Documents` ko `AppData` ko foldar `userdata` ta Steam, kuma ba ta cikin takardar lissafi, don haka tantancewa ba ta taɓa ta. Duk da haka ni nakan kwafe ta, musamman a tsofaffin wasanni da ke ajiye komai a cikin foldarsu. Aikin minti ɗaya ne.

Tantancewar kanta

Buɗe Steam, ka tabbata kana kan intanet, domin abin da aka samu ya lalace sai an sauko da madadinsa. Shiga `Library`, ka danna sunan wasan da maɓallin dama na maus, ka zaɓi `Properties`. A gefen hagu ka shiga `Installed Files`, sai ka latsa `Verify integrity of game files`. In ka ci karo da tsohon bayani da ke cewa `Local Files`, wuri ɗaya ne, suna aka canza.

Daga nan Steam za ta karanta wasan daga farko har ƙarshe, ta lissafa tambarin abin da ta samu a diskinka, ta gwada da na takardar lissafi. A wannan matakin intanet ba ta aiki, diski ne ke ɗauke da nauyin. Kana iya ƙiyasta lokacin da kanka. Diski mai juyawa da ke karanta megabait 120 a daƙiƙa zai gama gigabait 60 a cikin minti takwas da ɗoriya idan fayilolin manya ne, ya fi haka nesa idan dubban ƙanana ne. SSD mai karanta megabait 500 a daƙiƙa zai iya gamawa a minti biyu zuwa uku, in firosesa ta iya bin sa.

Yayin da ake wannan aiki ka bar kwamfutar ta huta. Kada ka tantance wasanni biyu a lokaci ɗaya, kada ka kunna binciken bairos, kada ka kwafi manyan fayiloli. Idan laftof ce, ka jona ta da caja, ka hana ta yin barci. Za ka ga kason yana tafiya da rashin daidaito, ya yi gudu zuwa 30, ya tsaya cak na minti biyu, sannan ya yi tsalle. Tsayawar nan galibi babban fayil yake karantawa. In kana shakka, buɗe `Task Manager`, shiga `Performance`, ka kalli diskin. Muddin yana nuna ana karantawa, aiki na tafiya, ka ƙyale shi. Wanda ya kashe Steam a nan saboda gajen haƙuri yana iya ƙara wata ɓarnar a kan ta farko.

A tawa matsalar, da aka gama sai Steam ta nuna cewa fayil 2 sun kasa, da saƙon nan da ke ƙarewa da `failed to validate and will be reacquired`. Na leƙa shafin `Downloads`, na ga abin da za a sauke bai kai megabait 40 ba. Saukewar ta ɗauki daƙiƙa kaɗan, amma rubutawa kan diski ta ɗauki wajen minti huɗu, saboda ɗaya daga cikin fayilolin babba ne kuma sai da aka sake gina shi. Kada ka buɗe wasan sai shafin `Downloads` ya nuna an kammala. Gano ɓarna daban, gyara ta daban, kuma na ga wanda ya rufe kwamfuta da ganin saƙon farko yana zaton an gama.

Tantancewa ta biyu

Nan ne nake so ka fi mayar da hankali. Bayan gyaran ya kammala, kafin ka buɗe wasan, ka sake tantancewa. Na san yana kama da ɓata lokaci, amma zagaye na farko yana gaya maka cewa akwai ɓarna ne kawai, na biyun ne ke gaya maka daga ina ta fito.

Idan ya fito da saƙon da ke ƙarewa da `successfully validated`, to ɓarnar ta sau ɗaya ce, katsewar nan ce ta jawo ta, kuma ta warke. Haka tawa ta kasance. Na buɗe wasan, na nufi gadar, na haye, har na tsaya a tsakiyarta ina jujjuya kyamara don in tabbatar. Ka yi hakan kai ma, ka koma daidai wurin da yake mutuwa, domin shi ne shaidar da ta fi kowace.

Akwai wani yanayi da ke tsorata mutane ba gaira ba dalili. Ka tantance, komai lafiya, ka buga wasan, ka sake tantancewa, sai fayil ɗaya ko biyu su kasa, kuma abin da ake saukewa ƴan kilobait ne. Wannan ba cuta ba ce. Wasu wasannin suna sake rubuta fayil ɗin saitinsu duk lokacin da aka buɗe su, sai tambarinsa ya bambanta da na asali. Masu Steam ma sun faɗi cewa hakan na faruwa a wasanni da dama. Dalilin da ya sa na ce ka yi ta biyun kafin ka buɗe wasan ke nan, don kada wannan ya rikita maka lissafi.

Idan kuwa ba ka buɗe wasan ba, kuma zagaye na biyu ya sake kamo lalatattun fayiloli, to magana ta canza. Saukewar da ta katse ba ita ce mai laifi ba, ko kuma ba ita kaɗai ba ce. Wani abu a kwamfutarka yana ɓata fayil bayan an gyara shi, kuma ko sau goma ka tantance, ɗiban ruwa ne da rariya. Tambayar da za ka yi yanzu ita ce: fayil ɗaya ne ke kasawa kullum, ko kowane zagaye da nasa?

Allon Steam ba ya faɗin sunan fayil ɗin, amma littafin da take rubuta ayyukanta yana faɗa. Sunansa `content_log.txt`, yana cikin foldar `logs`. Kana iya buɗe shi da `Notepad` ka gangara ƙasa, inda sababbin layuka suke, ko ka tace shi a `Command Prompt`:

```
findstr /i "validation corrupt missing" "C:\Program Files (x86)\Steam\logs\content_log.txt"
```

Ka dubi layukan da ke ɗauke da lokacin da ka yi tantancewar, ka rubuta sunayen fayilolin da aka ambata. Ka sake tantancewa, ka sake dubawa, ka gwada jerin biyu.

Idan fayil ɗaya ne ke dawowa kullum

Wanda ake fara tuhuma shi ne manhajar kashe bairos, musamman idan fayil ɗin yana ƙarewa da `.exe` ko `.dll`. Steam ta sauke shi, manhajar ta ɗauke shi ta kulle, Steam ta sake nemo shi, haka za su yi ta yi. Buɗe `Windows Security`, shiga `Virus & threat protection`, sai `Protection history`. In ka ga sunan fayil ɗin a can da lokacin da ya dace, ka kama bakin zaren. Idan daga Steam wasan ya fito kuma ba ka cusa masa wani abu daga waje ba, kana iya dawo da fayil ɗin ka keɓe foldar wannan wasan kaɗai daga bincike. Ban yarda da shawarar nan ta kashe kariyar gaba ɗaya ba, kuma ban yarda a keɓe diski sukutum ba. Foldar wasan ta isa.

Na biyu shi ne ragowar saukewar da ta katse. Steam tana tara abin da take saukewa a wata folda ta wucin gadi kafin ta kai shi mazauninsa, kuma idan ɓarnar tana can, za ka yi ta ganin `Corrupt update files` ko sabuntawar ta kai wani kaso ta koma baya. Kowane wasa yana da lambarsa, za ka gan ta a `Properties` ƙarƙashin `Updates` da sunan `App ID`. Ta Portal 2, alal misali, 620 ce. Rufe Steam gaba ɗaya ta `Exit`, ba danna alamar rufe taga kawai ba, sannan ka shiga foldar da ke ɗauke da lambar wasanka:

```
C:\Program Files (x86)\Steam\steamapps\downloading\620
```

Goge wannan foldar mai lamba, ka buɗe Steam, ka sake tantancewa. Abin da za ka rasa shi ne ci gaban sabuntawar da ba ta kammala ba, wasan kansa yana nan a `common`. A kusa da wurin za ka ga fayiloli masu suna irin `appmanifest_620.acf`. Ka bar su. Su ne ke shaida wa Steam cewa wasan yana kan kwamfutarka, in ka goge ɗaya wasan zai koma kamar ba a taɓa sauke shi ba. Ana iya dawo da shi ta latsa `Install` a zaɓi diskin da yake, Steam ta gano fayilolin da ke nan, amma wahala ce da ba ka buƙata.

In hakan bai wadatar ba, akwai `Clear Download Cache` a `Settings` ƙarƙashin `Downloads`. Ba ya goge wasanni, amma zai iya sa ka sake shiga asusunka, don haka ka tabbata kana tune da kalmar sirrinka kuma wayar da ke karɓar lambar tsaro tana kusa. Idan kuma saƙon da kake gani `Missing file privileges` ne ko `Disk write error`, je `Settings`, `Storage`, zaɓi diskin, latsa ɗigo ukun nan, ka zaɓi gyaran ma'ajiyar, wanda ke fitowa da sunan `Repair Library` ko `Repair Folder` gwargwadon zubin Steam ɗinka.

Wani abu da ke faruwa ga masu ajiye wasa a diskin waje ko filasha: idan an tsara diskin da FAT32, ba zai karɓi fayil ɗin da ya kai gigabait huɗu ba, komai yawan sararin da ya rage. Danna diskin da maɓallin dama, ka duba `Properties`, layin `File system` zai gaya maka. In haka ne, wasan sai ya koma diski mai NTFS.

Sai diskin kansa. Ɗaukewar wutar da ta lalata fayil ɗin wasa tana iya taɓa tsarin fayilolin diskin ma. Buɗe `Command Prompt` a matsayin mai gudanarwa, ka sa harafin diskin da wasan yake:

```
chkdsk D: /scan
```

Wannan dubawa ce da ake yi diskin yana aiki. In ya ba da rahoton matsala, ka bi da `chkdsk D: /f`, wanda zai nemi a rufe duk abin da ke amfani da diskin, ko a sake kunna kwamfutar idan diskin Windows ne. Idan diski mai juyawa ne kuma kana jin yana ƙwas-ƙwas, ko manhaja irin CrystalDiskInfo ta nuna masa `Caution`, ka ajiye batun wasa a gefe ka fara kwashe hotunanka da takardunka. Wasa ana sake sauke shi. Gwaji mai sauƙi shi ne ka mayar da wasan wani diski ta `Move install folder` a `Installed Files`, ka tantance a can. In ya wuce lafiya a sabon wuri, tsohon diskin ne ke da ciwo.

Idan kowane zagaye da fayilolinsa

Wannan ya faru da ƙanena, kuma ya ci mana kwana biyu. Ya kira ni ya ce, "Yaya, na tantance sau shida, kullum sai ya samo wani abu. Ɗazu uku, yanzu ɗaya, da safe biyar." Shi ma ya ɗora laifin a kan saukewar da ta yanke masa. Na ce ya turo mini layukan littafin nan. Da na jera su, babu fayil ɗin da ya fito sau biyu.

Lalataccen fayil ba ya yawo. In yana da rami, ramin yana nan a wuri ɗaya har a cike shi. Idan sakamakon yana canzawa, to fayilolin na iya zama lafiya ƙalau, abin da ke karanta su ne ke kuskure, kuma duk abin da aka karanta daga diski sai ya bi ta RAM kafin a lissafa tambarinsa. Na sa shi ya zaɓi babban fayil ɗaya a foldar wasan ya lissafa tambarinsa da kansa:

```
certutil -hashfile "D:\hanya\zuwa\fayil" SHA1
```

Ya rubuta lambar, ya sake kunna kwamfutar don kada Windows ya ba shi abin da ya riga ya riƙe, ya maimaita. Fayil ɗaya, ba wanda ya taɓa shi, amma a gwaji na uku lambar ta fito daban. Kwamfuta mai lafiya ba ta yin haka ko sau ɗaya.

Daga nan muka gwada RAM. Windows yana da nasa magwajin, ana kiran sa da rubuta `mdsched.exe` a akwatin `Run`, amma MemTest86 da ake tayarwa daga filasha ya fi shi tonowa, kuma gara a bar shi ya yi zagaye da dama, ko da zai kwana yana yi. Kuskure ɗaya ma ya isa hujja. A kwamfutarsa ya kunna XMP a BIOS, saitin da ke sa RAM gudu fiye da mizaninta na asali. Muka kashe shi, muka sake gwaji, kurakuran suka ɓace. Da ba su ɓace ba, da sai mu cire sandunan RAM mu gwada su ɗaya bayan ɗaya don gano mai laifin. Bayan nan ya tantance wasan sau ɗaya aka gyara fayil biyu da suka lalace da gaske lokacin da ake rubuta su, zagaye na biyu ya fito tas.

Abin da tantancewa ba ta gani

Tana duba abin da ke cikin takardar lissafi ne kawai. Fayil ɗin da aka ƙara daga waje, kamar ragowar tsohon mod, ba ta goge shi, ba ta ma kallonsa. Don haka wasa yana iya wuce tantancewa da kyau ya ci gaba da mutuwa saboda wani `.dll` da ka manta ka jefa a foldarsa bara. Ko cire wasan ta `Uninstall` yakan bar irin waɗannan a baya, sai ka shiga foldar ka share da hannu. Haka nan idan ajiyar ci gabanka ce ta lalace, saboda wuta ta ɗauke wasan yana tsakiyar ajiyewa, tantancewa ba ta da abin cewa. Gwajin nan mai sauƙi ne: fara sabon wasa. In sabon yana tafiya tsohon yana mutuwa, ka nemi ajiyar da ta gabata.

Akwai kuma wasannin da Steam ke sauke ƙaramar manhajarsu kawai, ita kuma ta sauko da sauran kayan daga sabar kamfaninta. A irin waɗannan, maɓallin Steam yana duba ɗan abin da ya sani ne, gyaran gaske yana cikin saitin manhajar wasan. Ka kuma sani cewa tantancewa tana gwada fayilolinka da zubin wasan na yanzu, don haka in akwai sabuntawar da kake jinkirtawa, za ta iya jawo ta.

Sauran manhajojin wasanni suna da irin wannan aiki da wani suna. A Epic Games Launcher ka latsa ɗigo uku a kan wasan, `Manage`, sai `Verify`. A Battle.net alamar saiti ce kusa da `Play`, sai `Scan and Repair`. A EA app sunansa `Repair`, a Ubisoft Connect `Verify files`, a GOG Galaxy kuma `Verify / Repair` ƙarƙashin `Manage installation`. Yawan abin da kowace ke sake saukewa ya bambanta, wata gutsure, wata fayil ɗin duka, don haka in datarka a ƙirge take ka leƙa girman saukewar kafin ka bar ta ta ci gaba.

Idan wata rana dole ta sa ka tsayar da saukewa a tsakiya, latsa maɓallin dakatarwa a shafin `Downloads`, ka jira layin da ke nuna aikin diski ya sauka zuwa sifili, ka fita daga Steam ta `Exit`, sannan ka kashe kwamfutar ta hanyar da aka saba. In ka ga saukewa ta ƙare amma diski yana ta aiki, wannan ne lokacin da ake ɗinke fayilolin, kuma a daidai nan wuta ta same ni. Ka ba shi mintunan da yake buƙata kafin ka taɓa maɓallin kashewa.